Take ɗaya mai harshe biyu, ko take biyu kowanne da harshensa?

"Assalamu alaikum. Ina yin bidiyon koyar da amfani da waya da Hausa a YouTube. Na lura wasu suna nema da Hausa, wasu da Turanci. In haɗa harsunan biyu a take ɗaya ne, ko in rubuta da Hausa sannan in sa fassarar Turanci a wurin da YouTube ya tanada? Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai na fi karkata ga haɗawa a take ɗaya, Hausa a gaba, Turanci a baya. Amma bari in jera maka su biyun ka ga dalili da idonka.

Mu fara da fassarar daban, domin ita ce ta fi kama da tsari mai tsabta, kuma a nan tarkon yake. Kana shiga YouTube Studio, ka buɗe `Subtitles` ko `Languages`, duk wanda ka gani, ka zaɓi bidiyon, ka danna `Add language`, ka zaɓi `English`, ka rubuta take da bayani da Turanci. Daga nan bidiyon yana da fuska biyu. Tambayar ita ce wa zai ga wace fuska. YouTube ba ya duba harshen da mutum yake ji a gida, yana duba harshen da manhajar take kai ne a wayarsa. To ka dubi wayarka, ka dubi ta ƙaninka. Mafi yawanmu a Najeriya da Gana Turanci suke kai, a Nijar kuma Faransanci. Ke nan Bahaushen da ka yi bidiyon dominsa, idan wayarsa tana kan Turanci, taken Turancin zai gani, Hausar da ka zauna ka tsara ta ɓoye masa. Yana iya wucewa yana zaton bidiyon Turanci ne. Wanda kuma ba ya jin Hausa ko kaɗan zai ga take da Turanci tsantsa, ya shiga, ya ji "barkanmu da warhaka", ya fita kafin daƙiƙa goma. Ka rasa naka, ka jawo wanda ba zai zauna ba, kuma wannan fita da wuri tana rage matsakaicin lokacin kallon bidiyon.

Ba ina cewa hanyar ba ta da amfani ba ne. Tana yi wa wanda ya sa fassarar magana a rubuce a ƙasan bidiyo, yadda wanda ba Bahaushe ba zai iya bi daga farko har ƙarshe. Idan ba ka yi wannan aikin ba, taken Turanci zalla alkawari ne da bidiyon ba zai cika ba.

Take mai haɗe kuwa fuska ɗaya ce da kowa yake gani, ko wayarsa a kan wane harshe take. Kuma ya dace da yadda mutanenmu suke bugawa a wurin nema. Kaɗan ne suke rubuta Hausa zalla ko Turanci zalla, an fi gauraya su. Ɗauki bidiyo a kan dawo da hotunan da aka goge. Ga irin abin da ake bugawa:

```
yadda ake dawo da hotunan da aka goge
yanda ake recover deleted photos
how to recover deleted photos in hausa
```

Mutum uku ne, dukansu Hausawa, dukansu bidiyonka suke so. Take ɗaya zai iya tarar da su:

```
Yadda Ake Dawo Da Hotunan Da Aka Goge A Waya | Recover Deleted Photos in Hausa
```

Wannan harafi 78 ne har da tazara, iyakar da YouTube ya sa kuwa 100 ce, ka ga akwai sarari. Amma a allon waya dogon take yakan yanke a jerin sakamako, wutsiyar ta koma ɗigo uku. Shi ya sa Hausa take gaba: ita ce ɓangaren da ido zai gani ko an yanke, Turancin kuma ko ya ɓuya, injin nema yana karanta shi. Lura kuma ban fassara jimlar duka ba, kalmomin da ake bugawa kawai na ɗauka. Sannan `in Hausa` ɗin nan na ƙarshe aiki biyu yake yi. Yana kama mai nema na uku, wanda ya rubuta Turanci amma yake son bayani da harshensa, yana kuma gaya wa wanda ba ya jin Hausa tun kafin ya danna cewa wannan ba nasa ba ne. Da kalmomin Turancin kaɗai, gasa kake da manyan tashoshin duniya. Da `in Hausa`, gasarka ta koma tsakanin masu yi da Hausa.

Raunin wannan hanyar shi ne tsawo da cunkoso. Wasu har harshe uku suke cusawa, su ƙara sunan tasha da shekara, taken ya zama kamar buhun da aka cika har ya ƙi ɗauruwa. Abin da bai samu wuri ba, ka saukar da shi cikin `Description`, inda kake da harafi 5,000. Layi biyu na farko su ne masu nauyi, domin su ake gani kafin a danna a buɗe sauran. Rubuta jimla ɗaya cikakkiya da Hausa, ɗaya da Turanci mai faɗin cewa bayanin da Hausa aka yi. A nan ne za ka shigo da kalmomin da take bai ɗauka ba, kamar "maido da" da "hotunan da suka ɓace", cikin magana mai ma'ana, ba a jere kamar lissafi ba.

Wannan "ɓace" ya kawo mu kan abin da yake damuna ƙwarai, wato haruffa masu lanƙwasa. Ina son mu riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, harshenmu ya cancanci haka. Sai dai yawancin masu nema b da d da k suke bugawa, kuma a wurin na'ura ɓ da b haruffa ne mabambanta. Gwada da kanka: buga "ɓace", ka sake buga "bace", ka kwatanta abin da ya fito. Maslahata ita ce a rubuta daidai a take da bayani, a zuba rubutun da ba shi da lanƙwasa a `Tags`. YouTube da kansa ya ce rawar `Tags` wajen gano bidiyo kaɗan ce, sai dai inda ake yawan saɓa wa rubutun kalma, mu kuwa halin da muke ciki ke nan. Kana da harafi 500 a can:

```
yanda ake dawo da hotuna, hotuna sun bace, maido da hoto, hausa tutorial
```

Ko wace hanya ka bi, ka shiga `Details`, ka danna `Show more`, ka sa `Video language` a kan `Hausa`. Mutane da yawa suna barinsa a kan Turanci ba su sani ba.

Bayan mako biyu ko uku, buɗe `Analytics` na bidiyon, ka shiga `Reach`, ka duba `YouTube search`. Zai nuna maka ainihin kalmomin da aka buga aka iso gare ka. Idan ka ga "yanda" ya rinjayi "yadda", ko wata kalmar Turanci da ba ka sa ba tana ta maimaituwa, gyara taken, ana iya canza shi ba tare da an sake ɗora bidiyon ba. Duba kuma `Audience` ka ga ƙasashen masu kallo. In ka tarar da ƙasashen da ba a jin Hausa sun yi yawa, masu kallo kuma suna ficewa tun a daƙiƙun farko, Turancin taken ne ya yi yawa, ko kuma `in Hausa` ya ɓuya a inda ake yankewa. Sai ka rage Turancin, ka matso da `in Hausa` gaba, ka bar shi wani mako biyun kafin ka sake taɓawa.