1080p, 4K ko 60fps: wanne za ka saita kafin ka fara ɗaukar bidiyo a waya?

Tun farko in faɗa maka inda na tsaya, don kada ka yi zaton alƙalanci zan yi: ni mutumin 1080p ne a kan 30fps. A kai wayata take zaune, kuma duk wanda ya miƙo mini tasa ya ce in saita masa kyamara, can nake mayar da ita. Sauran zaɓuɓɓukan suna da ranarsu, amma ranakun ba su da yawa.

Lambobi biyu ne kake gani a saman kyamara. Ta farko tana faɗin yawan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton. 1080p, wanda wasu wayoyi ke rubutawa FHD, yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. 4K, ko UHD, yana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas, ninki huɗu ke nan. Lamba ta biyu kuwa, mai fps a gaba, tana faɗin hotuna nawa kyamara ke ɗauka cikin daƙiƙa guda. Bidiyo ai hotuna ne ke bin juna da sauri. Duk wadda ka ɗaga cikin lambobin nan, memori ne zai biya.

Nawa zai biya? Masu iPhone ba su da wahala, domin idan ka shiga Settings > Camera > Record Video wayar da kanta take rubuta maka abin da minti ɗaya zai ci. A tsarin Most Compatible, minti ɗaya na 1080p a 30fps yana cin kusan megabayit 130, na 4K a 30fps kuma kusan 350. Wayoyin Android da yawa suna kusa da haka. In taka ba ta faɗa ba, ɗauki bidiyon minti ɗaya daidai, ka shiga bayanansa ka ga nauyinsa. Wannan gwajin ya fi duk abin da mai shago zai gaya maka.

Bari mu ɗauki biki, tunda nan ne aka fi jin jiki. Kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya: in ka tara abin da za ka ɗauka a kwana uku, awa uku ba wani abu ba ne. Minti 180 ke nan. A 1080p zai ci giga 23 da ɗoriya. A 4K zai ci giga 63. Yanzu duba wayarka mai 128GB. Tsarin wayar ya ɗebi nasa, manhajoji sun ɗebi nasu, WhatsApp ya cika ta da wa'azi da bidiyoyin guruf ɗin dangi da ba ka taɓa buɗewa ba. Mutane da yawa in sun duba, giga ashirin zuwa talatin ne ya rage. Da 4K ba za ka kai rabin bikin ba wayar za ta ce maka babu wuri.

Ga kuma abin da ya ƙara sa ni son 1080p. Akwai wani maɓalli da ke rage nauyin bidiyo da kusan rabi ba tare da ido ya ga bambanci ba, sunansa HEVC ko H.265. A iPhone yana Settings > Camera > Formats > High Efficiency. A Samsung yana cikin saitin kyamara, a Advanced video options. Da ka kunna shi, minti ɗayan nan na 130 sai ya dawo wajen 60, awa ukun bikin ta koma giga goma sha ɗaya. Matsalarsa ɗaya ce: tsohuwar kwamfuta, da wasu talabijin da ake soka wa filash, ba sa iya buɗe shi. Sauti ya fito, hoto ya ƙi. In ka san a talabijin ɗin falo za a kalla, gwada gajeren bidiyo a kai kafin ranar.

Sannan ka tambayi kanka ina bidiyon zai ƙare. Kashi mafi yawa a WhatsApp zai ƙare, shi kuwa matse bidiyo yake yi kafin ya tura. Ko ka danna HD, iyakarsa 720p. Ka ɗauki 4K, ka cika waya, ka ƙona batir, gwaggonka ta karɓi abin da bai kai 1080p ba a waya mai sikirin inci shida. Sai dai ka tura shi a matsayin Document, wanda ke karɓar har giga biyu, amma wa zai sadaukar da datarsa ya sauke?

Kuma 4K na kawo zafi. A watan Afrilu, da rana tsaka a ƙarƙashin rumfa, waya tana ɗaukar 4K ba ta jimawa sai ta yi zafi kamar dutsen guga, hasken sikirin ya ragu, wani lokaci kyamarar ta rufe kanta. A wayoyi masu matsakaicin kuɗi ma, na'urar da ke rage girgizar hannu ta fi aiki a 1080p 30fps. Da ka hau sama sai ta raunana ko ta kashe gaba ɗaya, ka samu hoto mai ɗigo da yawa amma yana rawa. Inda na yarda da 4K shi ne mai tace bidiyo da zai yanko wani sashe ya zuƙo shi, ko mai sayar da atamfa da leshi da ke son zaren ya fito, shi ma na daƙiƙa talatin a wuri mai haske.

720p na wanda wayarsa 32GB ce, ko mai naɗar karatu inda murya ce abin nema. 2K da ake gani a wasu wayoyin Tecno da Infinix bai dame ni ba, ƙarin nauyi ne da ƙyar ido ke gane amfaninsa. 8K kuwa talla ce.

Shi 60fps yana da hujja guda mai ƙarfi, wato gudu. Hawan sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje, ko ƙwallon yara, ko dambe. A nan motsin yana fitowa sumul, kuma za ka iya rage saurinsa da rabi daga baya bai karye ba. Nauyinsa ba ya ninkawa biyu cif, a iPhone da HEVC, minti ɗaya na 1080p daga megabayit 60 yake tashi zuwa 90. Amma da rana kaɗai. Da daddare kowane hoto rabin lokacin shan haske yake samu, sai bidiyon ya yi duhu ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Walimar dare a 60fps ɓata wuri ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana tafiya ne a 50Hz, shi ya sa wani lokaci a ƙarƙashin ƙwan fitila za ka ga hoto yana ƙyafta ido ko layuka suna gangarowa. Ba kyamarar ce ta lalace ba. A iPhone kunna Show PAL Formats ka zaɓi 25fps. A Android nemi Anti-flicker in akwai, ka sa 50Hz. In janareta ne ke kakkatsewa, wannan sai haƙuri.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin nan aka ci ni. Kafin bikin ƙanwata na ƙudura sai na ɗauki komai a 4K, sai na shiga kasuwar waya neman katin memori. Wani yaro a wani shago ya zaro mini kati an rubuta 256GB, a kwali mai sheƙi, kuɗinsa bai kai na 64GB na kirki ba. Na ce, "Anya kuwa?" Ya ce, "Yallaɓai, sa a wayarka ka gani da idonka." Na sa, waya ta nuna 256. Na biya ina jin na yi wayo.

Na ɗauki kamu, na ɗauki ɗaurin aure, na ɗauki lokacin da Hajiya ke yi wa amarya nasiha tana share hawaye da bakin mayafi. Kowane bidiyo ya nuna sunansa da nauyinsa a waya. Bayan kwana biyu amarya ta kira: "Yaya, turo mini na Hajiya." Na danna, baƙi. Na danna na gaba, baƙi. Bidiyoyin farko na kusan minti ashirin ne kawai suka buɗe. Katin 8GB ne aka yi wa ƙarya a ciki don ya riƙa cewa shi 256 ne. Yana karɓar duk abin da ka ba shi, amma da ya wuce ainihin cikinsa sai ya zubar. Babu mai gyaran da zai dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Abin da ya fi ci mini rai, lokacin ina da giga 25 a cikin wayar. Da 1080p na ɗauka, da ban ma nemi kati ba.

Don haka lambar da waya ta nuna ba shaida ba ce, ita ma abin da katin ya gaya mata take maimaitawa. Kwali ba shaida ba ne, sunan kamfanin da ke jiki ma bugawa ake yi. Shaida ɗaya ce: a cika katin har wuya, a karanto abin da aka zuba. A kwamfutar Windows akwai H2testw, kyauta ce, tana cika katin ta duba, ta faɗa maka giga nawa ne na gaskiya. Tana ɗaukar awanni, ka bar ta ta kwana. In ba ka da kwamfuta, kwafa finafinai masu nauyi har katin ya cika, ka cire katin ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowanne zuwa ƙarshensa. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Wanda ya ƙi, ka san dalili.

Kada kuma ka zargi mai gaskiya. Katin 128GB na asali yana nuna wajen 119 a kwamfuta, bambancin lissafi ne kawai. Sai ka duba alamun gudu a jikinsa: U1 ko V10 na nufin aƙalla megabayit 10 a daƙiƙa, ya ishi 1080p. U3 ko V30 na nufin 30, shi ake so ga 4K. Jabun kati yana ɗauke da waɗannan alamun shi ma, amma za ka gane shi wajen kwafa: fayil ɗin giga ɗaya ya tsaya yana jan ƙafa minti biyar. Kati mai 32GB zuwa ƙasa yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga huɗu, shi ya sa dogon bidiyo ke rabuwa gida-gida ko ya tsaya. Wannan ba jabu ba ne.

Irin wannan ƙaryar har a wayoyi ana yin ta. Akwai na kwaikwayo da ke nuna 512GB da 4K a saiti, alhali kyamarar ƙaramin hoto take ɗauka ta buɗa shi. Ɗauki bidiyon rubutun jarida daga taku uku a 1080p, ka sake ɗauka a 4K, ka zuƙo su duka biyu. In ƙananan haruffan ba su ƙara fitowa ba, 4K ɗin a suna ya tsaya. Ka yi wannan a gaban mai shagon, kuɗinka na aljihu.