Aikin da lauya ya yi mini a kan takardun hayar shagona

Shekara huɗu ke nan ina sayar da atamfa da leshi a wani shagon haya da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Da lokacin sabunta haya ya zo bana, yaron mai shagon ya kawo mini sabuwar yarjejeniya mai shafi shida, ya ce, "Hajiya, kuɗi kawai aka ƙara, ki sa hannu in koma." Hankalina bai kwanta ba, sai na haɗa ta da tsohuwar na kai wa wani matashin lauya ya duba mini abin da aka sauya.

Wallahi ya biya ni a abu guda. Ya ajiye takardun gefe da gefe, ya bi su sakin layi bayan sakin layi, ba shafi bayan shafi ba, domin an sauya wa sharuɗɗan lamba: na bakwai a tsohuwa ya koma na tara a sabuwa. A nan ya ɗora biro. Tsohuwar ta ce idan za a tashe ni sai an ba ni notis na wata shida. Sabuwar ta ce wata ɗaya. Ya ce mini, "Hajiya, mai hayar shekara a ƙa'ida wata shida ake ba shi, amma wannan idan ba a yi wani sharaɗi a rubuce ba ne. Kina sa hannu a nan, da wata ɗayan kotu za ta yi aiki." Sai da jikina ya yi sanyi. Ni da nake saro kaya tun kafin azumi, a ce in kwashe cikin kwana talatin ana tsakiyar cinikin Sallah? Ina zan kai su?

Ya kuma gano cewa gyaran rufi, wanda a da yake wuyan mai shago, an mayar da shi kaina ta hanyar sauya kalma ɗaya tak. Rufin da yake yoyo tun daminar bara!

Amma fa raina ya ɓaci daga baya. Kwana biyu aka ce mini, sai da na yi mako ina sintiri. Takaitaccen bayanin da ya ba ni kuma da Turancin lauyoyi ne, dole ɗana ya karanta mini. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shafin ƙarshe, inda aka jera kayan da na tarar a shagon. Bai duba shi ba sam. Ni da kaina na ga an ƙara "kantoci uku" a cikin kayan mai shago, alhali da kuɗina kafinta ya buga su. Da na nuna masa, cewa ya yi ya ɗauka jerin bai sauya ba. To me na biya?

Na mayar da takardar dai ba sa hannu. An dawo mini da wata shidana an cire kantocin, maganar rufi kuwa har yau muna kai.