Mun biya Naira 15,000 aka auna ɗan yayata: abin da gwajin hali da basira ya gani, da abin da ya kuskure

Kiris ya rage takarda mai shafi 9 ta fitar da Abba, ɗan yayata, daga ajin kimiyya. Yana aji biyar na sakandare, shekararsa 16, kuma tun yana ƙarami ba a barin rediyo ko fanka kusa da shi, sai ya kwance ya ga cikinsu. Mahaifinsa ne ya ji labarin wata cibiya a Kaduna da ke yi wa ɗalibai gwajin hali da basira kafin su cike fom ɗin JAMB, ya ce a kai shi. Ni na raka shi, na kuma biya wa kaina ɓangare ɗaya don in ɗanɗana abin da bakina.

Wurin da tsabta, kwamfutoci takwas, da wata malama mai haƙuri da ke zama da iyaye bayan an gama. Gwajin kashi uku ne: na hali, na sha'awa, da na basira wanda ake yi da agogo. Duka ya ci kusan awa biyu. Da yamma aka turo sakamako ta waya, kuma a shafin farko an rubuta da manyan haruffa INFP, ƙarƙashinsa jerin ayyukan da aka ce sun dace da shi: rubuce-rubuce, koyarwa, ba da shawara. Babu injiniya a ciki. A shafi na shida kuma, gaban lissafi, lamba 38. Yaya ta kira ni cikin dare, muryarta a sanyaye: “Ka gani ko? Ko rabi bai ci ba. Babansa ya ce a mayar da shi ajin adabi tun da wuri.”

Na roƙe ta a ba ni mako biyu.

Na fara da haruffan nan huɗu, don su ne suka fi ɗaukar ido. Asalinsu tsarin da Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina ne a Amurka, bisa littafin da Carl Jung ya fitar a 1921. Ana raba mutane gida biyu sau huɗu, sai a sami rukuni 16. Harafi na uku, wanda ya hana Abba injiniya, yana raba masu yanke hukunci da tunani, T, da masu yanke shi da tausayi, F. Da na duba ƙananan lambobin da ke ƙasan shafi na uku, sai na ga Abba ya sami 52 a gefen F, 48 a gefen T. Tambaya ɗaya ko biyu ke nan. Da ya amsa su ta wancan gefen, da INTP zai fito, kuma jerin ayyukan wannan rukunin cike yake da kimiyya da injiniya.

Nan gizo yake saƙar. Hali kamar tsawo ne: yawancin mutane a tsakiya suke, dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai ƙalilan ne. In ka ja layi ka ce daga nan zuwa sama dogaye, daga nan zuwa ƙasa gajeru, to mutum biyu da bambancinsu bai kai faɗin ɗan yatsa ba za su faɗa gida daban-daban, alhali wanda ya ɗara layin da yatsa ɗaya an haɗa shi da wanda ya ɗara da taƙi guda. Shi ya sa a wasu binciken aka samu kusan rabin waɗanda suka sake irin wannan gwajin bayan mako biyar sun canza aƙalla harafi ɗaya. Su kansu masu mallakar ainihin gwajin Myers-Briggs sun ce bai kamata a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba. Abin da ba a yarda a tace ma'aikaci da shi ba, ina dalilin a tace rayuwar yaro da shi?

Amma me ya sa bayanin yake kama da gaskiya haka? Abba da kansa ya ce min, “Kawu, wallahi kamar sun san ni.” Sai na yi 'yar ƙeta. Na ɗauki nawa sakamakon, wanda haruffansa suka sha bamban da nasa, na karanta wa maiɗakina, na ce wani gwaji ne na cike da sunanta. Kina son a yaba miki amma kina yawan zargin kanki, wani lokaci kina son jama'a wani lokaci kina son kaɗaici. Ta ce ita ce sak. An daɗe da sanin wannan. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya, ya ce kowa nasa ne na musamman, suka ba shi kusan maki 4.3 cikin 5 wajen dacewa. Tun daga ranar nake da ma'auni: duk jimlar da za ta zauna wa maƙwabcina kamar yadda ta zauna min, ba ta faɗa min komai ba.

Sai lambar 38, wadda ta fi tayar wa Yaya hankali. Ba maki 38 cikin 100 ba ne. A saman layin an rubuta percentile, ma'anarsa in aka jera mutum 100 na rukunin da aka gwada shi da su, Abba ya wuce 38 daga cikinsu. To su wane ne mutanen? Rahoton bai faɗa ba, kuma wannan shi ne babban laifinsa a wurina. Da na koma na tambaya, Malama ta buɗe littafin jagorar gwajin ta duba, ba ta ɓoye min ba: ɗalibai ne na ƙasar waje, masu Turanci a matsayin harshen uwa, waɗanda suka saba da jarrabawa a kwamfuta.

Na ce ta nuna min ɗanyen makin. Tambaya 30 ce a minti 20, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Abba ya taɓa 17 kawai, ya ci 14. Sauran 13 ko gani bai yi musu ba lokaci ya ƙare. Wannan labari ne daban da na yaron da ya amsa 30 ya ci 14, ko da yake lamba ɗaya za a rubuta musu. Na farkon ya iya lissafin, sauri ne ba shi da shi. Na biyun yana da saurin, fahimtar ce babu. Da na tambayi Abba ina lokacin ya tafi, ya ce wata tambaya kan rangwamen kuɗin tikitin jirgin ƙasa sai da ya karanta ta sau uku kafin ya gane abin da ake nema, lissafin kansa kuwa bai kai rabin minti ba. Ashe rabin abin da aka auna Turancinsa ne da sabonsa da linzamin kwamfuta.

Bayan mako shida, yana yin atisaye na minti 20 kullum da agogo a gabansa, cibiyar ta bar shi ya sake wannan ɓangaren da wasu tambayoyin, a rabin kuɗi. Ya fito da 61. Yaya ta yi guɗa, ni kuma na ce mata kada mu ruɗi kanmu. Yaro bai ƙara basira da maki 23 a mako shida ba. Sabo da salon tambayoyin ne ya ɗaga shi, kamar yadda rashin sabo ya danne shi da farko. Kowane gwaji irin wannan yana da kuskuren awo, kamar mudun da yau aka cika shi da tozo gobe aka shafe bakinsa. Rahoto na ƙwarai yakan ce makinka yana tsakanin kaza da kaza. Namu lamba ɗaya tilo ya bayar, kamar an sassaƙa a dutse. Abin da na ɗauka daga 38 da 61 shi ne Abba yana wajen tsakiya ko sama kaɗan, kuma agogo ne abokin gabarsa. Wannan kuwa ya yi amfani, tunda JAMB ma a kwamfuta ake yin ta, da agogo.

Ɓangaren da kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne na sha'awa, wanda ba wanda ya kula shi da farko don yana can shafi na takwas. An gina shi kan tsarin John Holland, mai raba sha'awar aiki gida shida: aikin hannu da inji, bincike, fasahar zane da kiɗa da rubutu, hidimar mutane, jagoranci da ciniki, sai tsari da aikin ofis. Ba ya cusa ka a gida ɗaya, maki yake ba ka a duka shidan. Abba ya yi sama sosai a aikin hannu da bincike, ya yi ƙasa a ciniki. Abin dariya, wannan shafin yana ƙaryata shafin farko, cikin rahoto ɗaya, kuma ba a ce uffan kan saɓanin ba. Ko shi ma da iyakarsa. Yana auna abin da kake so ne, ba abin da ka iya ba, kuma yaro ba zai so aikin da bai taɓa gani ba. Daga baya na gano akwai irinsa kyauta, O*NET Interest Profiler na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, sai dai ayyukan da yake lissafo maka na can ne, kai za ka nemo takwarorinsu a nan.

Da muka zauna da mahaifinsa, na ajiye masa abu uku kusa da rahoton: sakamakon makaranta na zango huɗu, inda Abba bai taɓa sauka daga mataki na B a fizis ba amma kimistiri yana tangal-tangal, maganar malamin lissafinsa, da shawarar a tura shi shagon wani mai haɗa sola lokacin dogon hutu. Injiniya a JAMB tana neman Turanci, lissafi, fizis da kimistiri, don haka in akwai abin tsoro kimistirin ne, kuma gwajin Naira 15,000 bai ma leƙa wajen ba. Mahaifinsa ya yi shiru, can ya ce, “To, a bar shi ya gama shekarar mu gani.”

In za a tambaye ni maki, cibiyar ta ci uku cikin biyar. Biyu daga ciki na Malama ne, wadda ta ba ni minti 40 tana amsa tambayoyin da rahoton ya tsallake, ba ta kuma kare abin da bai cancanci kariya ba. Na cire biyu saboda shafin farko, wanda ya ɗora abu mafi rauni a sama da manyan haruffa, ya binne mafi amfani a baya. Wanda zai kai nasa yaron, ya tabbatar akwai zama da mutum bayan gwajin, ya tambayi da su wa aka gwada shi, ya kuma nemi a nuna masa nawa ya taɓa, nawa ya ci.

Abba ya yi mako biyar a shagon sola. Ya dawo da tabon ƙuna a babban yatsa, yana cewa haɗa batir da inbata ya fi komai daɗi, amma hawa rufin kwano da tsakar rana ba zai iya ba har abada. Yanzu kuma wai likitan dabbobi yake tunani, saboda wata akuyar maƙwabta da ya taya aka yi wa ɗori.