Sharhi kan cibiyar da na zana jarrabawa: zama, masu sa ido da tambaya ta 7

Na zana takardu uku a wata cibiyar jarrabawa mai karɓar waɗanda suka yi rajista da kansu, ba ta hannun makaranta ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne aikinsu ya yi kyau, in ban da abu biyu da zan ambata a ƙarshe. Abin da ya fi sa ni rubuta wannan sharhi shi ne abin da ya faru tsakanina da wata mai sa ido a takarda ta biyu, domin a ranar na fita ina jin haushinta, daga baya na gane ita ce mai gaskiya.

Bari in fara da zama. A bakin ƙofa an manna taswirar zauren, kowace kujera da lambar mai ita. Mu 84 ne, layi 7, kowane layi kujera 12, duka muna fuskantar gaba. An jera mu bisa lambar jarrabawa, lambobin suna gangarawa a layin farko, su juyo su hau a na biyu, kamar tafiyar maciji. Wannan jerin ba don ado aka yi shi ba. Idan lokaci ya cika, mai tattara takardu yana bin layi ne kawai, takardun su zo hannunsa a jere daidai da rajistar halarta. Kujerar wanda bai zo ba kuwa a bar ta wayam, ba a matso da na baya ya cike gurbin. In daga baya masu maki suka ga amsoshin mutum biyu sun yi kama fiye da kima, taswirar nan za a ɗauko a duba ko kusa da juna suka zauna. Shi ya sa da wani saurayi ya nemi ya koma kusa da taga, aka ce masa a'a cikin ladabi.

Tazarar ma an kiyaye ta. Ƙa'idar da hukumomi irin su Cambridge International suke bi ita ce aƙalla mita 1.25 daga tsakiyar kujera zuwa tsakiyar ta kusa da ita, ta kowane ɓangare, da kuma mai sa ido ɗaya ga kowane mutum 30 a jarrabawar rubutu. A lissafin nan uku sun ishe mu, amma huɗu aka sa, kuma na ga amfanin na huɗun: duk wanda zai je ban ɗaki sai an raka shi, ga zauren bai rasa cikakken adadin masu kula ba.

Kafin a fara, sun duba katin shaidar kowa, suka haɗa hoto da fuska, suka karɓi wayoyi da agogon hannu. Babban mai sa ido ya buɗe kunshin tambayoyin a gabanmu bayan ya nuna ba a taɓa shi ba, ya karanta umarni, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa a allo. Daga nan ɗaya ta tsaya a baya, sauran suna zagawa a hankali. Ban ga wanda ya zauna yana karatu ko latsa waya ba.

To, sai tambaya ta 7. An ce a yi amfani da jadawali na 3, ni kuwa na juya takarda gaba da baya, jadawali biyu kawai na gani. Gabana ya faɗi. Na ɗaga hannu, ba a yi minti ɗaya ba wata malama ta iso ta sunkuyo. Na rage murya na ce, "Malama, jadawali na 3 babu shi." Ba ta ce komai a kan tambayar ba. Ta karɓi takardata ta ƙirga shafuka, ta ɗauko wata daga rarar da ke teburin gaba ta gwada su shafi da shafi. Duka iri ɗaya ne, babu shafin da ya ɓace, babu inda bugu ya dushe. Sai na ce, "To ko na biyun ake nufi?" Ta ce, "Wannan ba zan iya faɗa maka ba. Ka amsa yadda ka fahimta, zan kai rahoto." Na ga ta rubuta lambata da lambar tambayar da lokaci, ta miƙa wa babbansu.

A lokacin ji na yi kamar ta bar ni a rana. Amma da na natsu sai na ga tambayoyi biyu na yi mata, kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Ta farko a kan takardar ce: ko ta cika, ko bugun ya fito. Wannan aikinta ne, kuma ta yi shi nan take. Ta biyu a kan ma'anar tambaya ce, wannan kuwa ba hurumin mai sa ido ba ne ko da malamin darasin ne shi. Da ta ce mini "e, na biyun ne", da na samu abin da sauran mutum 83 ba su samu ba, balle waɗanda ke zana takardar a wasu cibiyoyi. In kuma hasashenta ya kuskure, da ta kai ni ta baro, ba ni da wanda zan kama. Gyaran kuskure a takarda daga hukumar da ta tsara ta yake zuwa, a sanar wa kowa lokaci guda. Abin da na yi shi ne na rubuta layi ɗaya a saman amsata cewa na ɗauki jadawali na 2 a matsayin wanda ake nufi, na ci gaba da aiki. Duka maganar ba ta ci mini fiye da minti huɗu ba.

Wannan iyakar ita ce ma'aunin duk abin da za ka tambaya a zaure. Ƙarin takardar amsa, biro in naka ya ƙafe, izinin ban ɗaki, sanar da rashin lafiya, tebur mai girgiɗi, hayaniya daga waje, saura minti nawa, duk ka ɗaga hannu a biya maka. Ma'anar kalma, wace tambaya ya kamata ka zaɓa, ko amsarka ta kama hanya, waɗannan kada ka ɓata lokacinka. Kuma ko magogi kake bukata, mai sa ido za ka nema. Wata baiwar Allah a layinmu ta juya za ta ari rula wajen ta bayanta, kafin ta buɗe baki an iso kanta an tsayar da ita, aka kawo mata wata daga gaba. An taimake ta ƙwarai, domin magana da ɗan'uwanka mai zana jarrabawa, ko a kan mene ne, tana iya shiga rahoton maguɗi.

Inda suka gaza kuwa, na farko agogo ne. Guda ɗaya tak aka rataye, kuma ginshiƙi ya tare wa layi biyu na gefe, ni ina ciki. Tunda an karɓe na hannu, sai da na ɗaga hannu sau uku don in ji lokaci, kowane ɗagawa yana yanke mini tunani. Na biyu, a takarda ta uku masu sa ido biyu sun tsaya dab da kujerata suna raɗa kusan minti biyu a kan rajistar halarta. A zauren da babu motsi, raɗa ma ƙara ce, kuma maganar za ta iya jira ko a yi ta a bakin ƙofa.

Na rubuta musu duka biyun a fom ɗin jin ra'ayi. Akwai sauran takarda ɗaya a gabana a zango mai zuwa, kuma a nan zan sake yin rajista, sai dai zan isa da wuri in duba taswirar ƙofa, in kujerata ta sake faɗawa bayan ginshiƙin in yi maganar agogo tun kafin a buɗe kunshi.