Gargaɗi kan masu haɗa sola da ke ɓoye matsalar inuwa

Akwai wata dabarar cuta da wasu masu sayarwa da haɗa kayan sola ke yi, wadda ya kamata duk mai shirin sa fanel a gidansa ya san ta tun kafin ya biya kuɗi. Mai haɗawar yakan zo duba wuri da tsakar rana, lokacin da inuwar kowane abu take a gindinsa, ya hau rufi ya leƙa, ya sauko ya ce wurin tas yake. Daga nan sai ya kafa fanel ɗin inda ya fi masa sauƙin aiki da ƙarancin waya, ko da bishiya ko katangar maƙwabci na tare rana da safe. Idan batir ya ƙi cika, sai ya ce fanel ɗin ne suka yi kaɗan, ya sayar da ƙari, ya jera su a cikin inuwar nan dai.

Abin da ke rufa masa asiri shi ne na'urar auna wuta. Idan mai gida ya yi ƙorafi, sai ya cire wayar fanel ɗin, ya auna bolt, ya nuna masa cewa ga shi nan kusan arba'in, lafiya lau. Wannan awon ba ya tabbatar da komai, domin fanel da ba a jona shi da komai ba yana nuna kusan cikakken bolt ɗinsa ko a cikin inuwa. Abin da inuwa ke kashewa shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, kuma ita ce take cika batir. Duk wanda ya auna bolt kaɗai ya ƙi nuna amfiya ko wat yayin da kayan ke aiki, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya sani yana ɓoyewa, kuma a ganina na biyun ya fi muni.

Ɓarnar inuwa ta fi girman inuwar kanta, saboda ƙananan murabba'an da ke fuskar fanel a jere suke kamar tiyo guda, inda aka matse wuri ɗaya ruwa ya ragu gaba ɗaya. Yawancin fanel suna da diyod uku a akwatin bayansu, kowanne yana ba wuta hanyar kauce wa kashi ɗaya cikin uku, don haka ganye ɗaya da ya rufe murabba'i guda zai iya cinye sulusin ƙarfin fanel ɗin. Murabba'in da ya daɗe a inuwa alhali sauran na aiki yana iya yin zafi har ya bar tabon ƙuna a bayan fanel.

A ɗauki misalin fanel huɗu masu wat 400 da aka jona a jere, jimilla wat 1,600, da wani gini ta gabas wanda ya fi su tsawo da mita 3, tazararsa kuma mita 4. Lokacin da rana ta hau digiri 30 daga doron ƙasa, inuwa takan kai tsawon abu sau 1.7, wato sama da mita 5, saboda haka ta shiga kan fanel na farko da fiye da mita guda. Ba za ta janye ba sai rana ta kai kusan digiri 37. A wannan tsakanin ana iya rasa duk ƙarfin fanel na farkon, kuma idan inuwar ta haɗa da fanel na biyu, bolt ɗin jeren na iya faɗuwa ƙasa da abin da inbata ke buƙata kafin ta fara caji.

Haka kuma, dubawar rana guda ba ta isa ba, domin hanyar rana tana karkata kusan digiri 47 tsakanin Yuni da Disamba. A arewacin ikwaita, Disamba ne rana ke yin kudu sosai, sai ginin da bai dami kowa ba a Yuni ya shimfiɗo inuwa. Bishiya ma girma take yi.

Kafin a biya, mai gida ya duba wurin da kansa da ƙarfe 9 na safe, da 12, da 3 na yamma, ya ɗauki hoto kowane lokaci, ya auna tsawo da tazarar duk abin da ya ɗara rufin, har da tankin ruwa da eriya. Ya buƙaci mai haɗawar ya rubuta inda zai kafa kowane fanel da wat nawa za a gani a allon inbata a waɗannan lokuta idan sama ta yi garau, sannan ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai ya ga adadin da idonsa. Wanda kuma aka riga aka haɗa masa, ya lura da allon: idan wat ya faɗi kwatsam a sa'a iri ɗaya kowace rana ba tare da gajimare ba, inuwa ce, kuma maganinta shi ne a matsar da fanel ɗin, ko a sassabe reshen, ko a ware wanda ke inuwa a jere na daban.