Safar hannu da ta ƙafa don sanyin ƙanƙara: wacce za ka saya?

Safa ba ta haifar da zafi. Jininka ne ke kai ɗumi yatsu, ita kuwa aikinta ta riƙe iskar da jiki ya ɗumama. Idan ta matse, an yi asara biyu: ta danne iskar da ke cikin zaren, ta kuma takura ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda dama sanyi ya riga ya tsuke su. Shi ya sa za ka ga mutum da safa mai kauri amma yatsunsa sun yi fari, sun mutu murus.

Ni dai idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 0, zaɓina safar hannu mai aljihu ɗaya ce, wadda yatsu huɗu ke zaune wuri guda, babban yatsa na gefe. Yatsun suna ɗumama juna, kuma fuskar da iska ke bugu ba ta da yawa. In hannu ya fara sanyi, sai ka janyo babban yatsan ciki ka dunƙule. Aibinta ɗaya, ba ka iya ɓalle maɓalli ko juya makulli da ita. Maganin wannan, sa siririyar safa mai yatsu a ciki, yadda ko ka cire ta waje fata ba za ta taɓa ƙarfe ba. Wajen gwaji, sa su biyun tare ka dunƙule hannu. In ka ji tana ja a bayan hannu, ko yatsa na tokarar ƙarshenta, ta yi kaɗan. A bar sararin kamar rabin santimita.

Mai yatsu biyar ta tuƙi ce da ɗan aiki. Ta fata mara shafi a ciki kuwa ado ce kawai.

Ƙafa ma haka abin yake. Safa biyu masu kauri a takalmin da dama cif yake sun fi guda ɗaya jawo sanyi. In ba ka iya motsa yatsun ƙafa, ƙara lambar takalmi. Ka guji auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, ulu kuwa ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi.

Sai dai fa a nan ake cutar mutane. An taɓa sayar mini da safa da sunan ulu zalla, ashe zaren roba ne aka kumbura shi. Wanki kaɗan ta lafe, ƙafa na iyo cikin gumi. Kada kauri ko laushi ya ruɗe ka, jabun ma ya fi laushi a hannu. Duba takardar jikinta ka ga kashi nawa ne ulu, don “mai ulu” na iya zama kashi 10 kacal. In babu takarda, zare sili ɗaya ka kai masa ashana. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murjewa. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri.