Shafin intanet na shagon ɗinki: wane iri za ka sa manhaja ta gina maka?

Manhajojin da ke rubuta kod, irin su ChatGPT, Claude, Bolt da Lovable, ba sa ƙin aiki. Ka ce su gina maka shafin shagon ɗinki, nan take za su miƙo maka abu mai ƙyalli: kwandon sayayya, farashi da dala, riguna masu girman S, M da L, har da yabon wasu kwastomomi da ba a taɓa haifa ba. Wannan kantin sayar da kayan da aka riga aka ɗinka ne. Telan Dilimi ko na Titin Bauchi a Jos ba haka yake aiki ba. Shi ana kawo masa shadda, ya yi awo, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, a sa ranar karɓa. In ba ka faɗa wa manhajar wannan ba, ita ma ba za ta sani ba.

Don haka kafin ka rubuta ko layi ɗaya na umarnin, amsa tambaya guda: idan kwastoma ya cike awonsa ya danna maɓallin aikawa, ina saƙon zai tafi? Amsar ita ce za ta raba maka hanya, kuma ita ce za ta nuna abin da za ka riƙa biya daga baya.

Hanya ta farko ita ce saƙon ya faɗo WhatsApp ɗinka. Shafin zai zama fayilolin HTML, CSS da ɗan JavaScript kawai, babu rumbun bayanai, babu shiga da kalmar sirri. Irin wannan GitHub Pages, Netlify da Cloudflare Pages suna ba shi masauki kyauta, abin da za ka biya duk shekara shi ne kuɗin sunan adireshi, wanda na .com.ng ya fi na .ng sauƙi. Kowace manhaja cikin waɗanda na ambata za ta iya rubuta shi, har da masu hira kawai, sai ka kwafe fayilolin ka adana. Iyakarsa ita ce shafin ba ya ajiye komai. Awon yana cikin hirar WhatsApp, kai ne za ka kwafe shi zuwa littafinka kamar yadda ka saba.

Hanya ta biyu ita ce saƙon ya shiga rumbun bayanai, kai kuma ka samu ɗakin mai shago inda za ka ga oda, ranar karɓa da ragowar kuɗi. Nan Lovable da Bolt suka fi sauri, don sukan gina da React su haɗa da rumbu irin na Supabase. Yana da daɗin gani, amma ka ɗauko wa kanka reno. A tsarin kyauta na Supabase, aikin da ya yi mako ba a taɓa shi ba ana dakatar da shi sai an shiga an tayar. Kuma yanzu sunayen mutane, lambobinsu da awon jikin matan aure suna hannunka a intanet, ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. In ba a kunna Row Level Security, wato makullin da ke hana wani ganin bayanan da ba nasa ba, an tsara shi daidai ba, wanda ya san kan abin zai iya karanta duk jerin.

Hanya ta uku ita ce a ƙara biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave. Ni ban ga amfaninta ga telan da farashinsa ke canzawa da irin yadi da yawan aikin wuya ba. Ta dace da mai ɗinka jallabiya ko kayan makaranta da yawa ya jera a kanta. In ka nace, abu biyu su shiga umarnin: mabuɗin sirri na Paystack da ya fara da `sk_` kada ya taɓa bayyana a kod ɗin da burauza ke gani, sannan Paystack da kwabo yake lissafi. ₦15,000 ana tura ta ne a matsayin `1500000`. Aka tura `15000`, naira 150 kwastoma zai biya ya tafi da rasit.

Ga shago mai keke huɗu ko biyar a Jos, ta farko nake ba da shawara, kuma ita zan bi da kai daki-daki.

Mu ɗauki shagon ɗinkin maza a wajajen Terminus, mai ɗinka kaftani, jamfa, 'yar shara da babbar riga, yana kuma karɓar ankon biki. Sakin layi na farko a umarnin ya bayyana sana'ar kamar kana yi wa baƙo bayani: “Shago ne na ɗinkin awo, ba a sayar da kayan da aka riga aka ɗinka. Kwastoma ne ke kawo yadi ko ya zaɓa a shago. Ana biyan rabin kuɗi kafin a yanka. Kada a sa kwandon sayayya, kada a sa S, M, L. Kuɗi duka da naira.” Hanin nan ya fi komai aiki, domin manhajar kan koma ga abin da ta fi sabawa da shi duk inda ka bar mata gurbi.

Sai ka lissafa fayilolin da sunansu, kada ka tsaya a cewa “shafuka biyar”. Wanda ya ce haka kawai, sau da yawa dogon shafi guda yake samu, mai maɓallan da ke gangarawa ƙasa.

```
index.html
dinki.html
farashi.html
awo.html
tuntuba.html
css/style.css
js/bayanai.js
hotuna/
```

Ka lura babu harafi mai lanƙwasa ko babban baƙi a sunayen. A kwamfuta mai Windows, `Riga1.JPG` da `riga1.jpg` duk ɗaya ne, amma a masauki irin GitHub Pages sunaye biyu ne daban, sai ka ɗora shafi ka ga hotuna sun ɓace. Ka kuma ce jerin maɓallan sama da bayanin ƙasa su zama iri ɗaya a duk shafuka biyar ɗin.

Fayil ɗin `bayanai.js` shi ne zai raba ka da neman wani duk sanda kuɗin zare ko man janareta ya tashi. Ka ce farashi, lambar waya, lokacin buɗewa da sanarwa duk su zauna a cikinsa, sauran shafuka su ɗauko daga can. Ka nemi a sa layi guda na sanarwa da za ka iya kunnawa ka kashe. Kowane tela ya san amfaninsa: azumi ya yi nisa, ka rubuta “Mun rufe karɓar ɗinkin sallah”, ya fito a saman kowane shafi. Farashin kuma ka ba da naka na gaskiya da kalmar “daga”, misali kaftani mara aiki daga kaza, mai aikin hannu sai an ga zane. In ka bar wurin babu komai, manhajar za ta ƙirƙiro nata, kwastoma kuma ya zo ya riƙe ka da shi.

Shafin awo ne zuciyar aikin, nan ya kamata umarninka ya fi tsawo. Rubuta kowane gurbi yadda kake rubutawa a littafinka: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, sannan tsawon wando, ƙugu, cinya da bakin ƙafa. Ka ce da inci ake awo, in ba haka ba kana iya tarar da santimita. Ka ce a karɓi rabin inci, domin gurbin lamba a HTML yakan ƙi 15.5 sai an sa masa `step="0.5"`. Ka ba da iyaka mai ma'ana ga kowane gurbi, kamar wuyan babba tsakanin 12 da 22, don wanda ya buga 160 a maimakon 16 ya ga gargaɗi tun kafin ya aika. Ka sa zaɓin “Ina da awo a shagonku” da na “Zan zo a auna ni”, saboda yawancin mutane ba su iya auna kansu ba, kuma telan kirki ba zai yanka shadda mai tsada da awon da aka yi a gaban madubi ba.

Daga nan ka faɗi abin da maɓallin zai yi: ya haɗa awon ya zama saƙo, layi-layi, ya buɗe WhatsApp da shi.

```
const url = "https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=" + encodeURIComponent(sako);
window.location.href = url;
```

Lambar ba ta ɗaukar alamar tarawa ko sifilin farko, wato 0803 ta koma 234803. Shi kuma `encodeURIComponent` shi ke hana saƙo yankewa idan kwastoma ya rubuta alama irin `&` ko `#`.

A nan ne aka fi cutuwa. Idan ba ka faɗi inda saƙo zai je ba, manhajar na iya gina fom mai kyau wanda zai nuna “An aika” alhali bai je ko'ina ba, ko ta ajiye shi a `localStorage`, wato cikin wayar wanda ya cike. Kai da ka gwada a kwamfutarka za ka ga odar ta fito, ka ɗauka komai lafiya. Gwajin mai sauƙi ne: ka ba yaron shago wayarsa ya cike ya aika, kai kuma ka duba taka. In bai iso ba, babu shi.

Hotuna kuma su zama na ɗinkinka. Ka hana ta ɗauko hotunan Turawa masu kwat, ka ce ta bar gurbi mai suna `kaftani-01.webp` zuwa ashirin ko talatin, kowanne da `loading="lazy"` don kada ya sauko sai an gangaro kusa da shi. Hoton waya guda yakan kai megabayit uku zuwa biyar, talatin sun kai ɗari ko fiye, babu mai ƙona datarsa haka don kallon wuyan riga. Ka rage kowanne zuwa kilobayit 200, duka su tsaya a megabayit shida. Ka ce a fara tsarawa don allon waya mai faɗin `360px`, kwamfuta ta biyo baya.

Maganar harshe: umarnin kana iya rubuta shi da Turanci in ya fi maka sauƙi, amma kalmomin da kwastoma zai karanta kai za ka rubuta su da Hausarka, ka ce a sa su yadda suke ba gyara. Hausar da manhaja ke fassarowa takan fito a sandare, ta kira awo da wata kalma da babu telan da ke faɗa. Ka nemi `<meta charset="utf-8">`, `lang="ha"` da salon rubutu mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ kamar Noto Sans, don kada “ƙugu” ya fito da harafin farko a karkace. Jos gari ne na yare da yawa, saboda haka rubuta Turanci a ƙarƙashin kowane gurbin awo ya wadatar, ba sai an gina shafuka biyu-biyu ba.

Saura ko a zuba umarnin gaba ɗaya ko kashi-kashi. Bayanin duka ka ba da shi a saƙon farko, amma ka ce ta fara da `style.css`, `bayanai.js` da shafin farko kawai. Ka buɗe a waya, ka gyara launi da girman rubutu, sannan ka nemi saura ɗaya bayan ɗaya, kana maimaita cewa kada ta taɓa fayilolin da aka gama. Idan aka nemi duka a amsa guda, fayil na ƙarshe yakan yanke a tsakiya, ko ka tarar da layin sharhi mai cewa sauran kamar na sama ne a inda kod ya kamata ya kasance. Duk fayil ɗin HTML da bai ƙare da `</html>` ba, ka mayar mata ka ce ta kawo shi cikakke.